Gizo da Farin Wata: Yadda Aka Rubuta Tatsuniyar Barci Guda da Hausa da Faransanci

Iyalin da wannan nazari ya shafa mutum uku ne. Uban Bahaushe ne ɗan Nijar wanda ya yi karatunsa gaba ɗaya da Faransanci, uwar Bafaranshiya ce wadda Hausarta ba ta wuce gaisuwa da sunayen wasu abubuwan gida ba, sai 'yarsu mai shekara huɗu. Suna zaune a Faransa, inda makaranta da titi da talabijin duk Faransanci suke yi. Yarinyar tana jin Hausa sarai, domin idan ubanta ya ce ta ɗauko takalminta za ta ɗauko, amma ba ta mayar masa da magana sai da Faransanci. Abin da suka nema shi ne gajeren labari guda ɗaya na lokacin kwanciya, wanda uban zai karanta da Hausa a darensa, uwar kuma ta karanta da Faransanci a nata daren, yarinyar ta san cewa labarin nan ɗaya ne, kuma ta sami wurin da za ta buɗe baki ta faɗi wani abu da Hausa ba tare da an tilasta mata ba.

Tsarin da suke bi a gida, wato kowane mahaifi ya riƙe harshensa, tsoho ne. Masanin harshe Jules Ronjat ya wallafa bayani a kansa a 1913, bayan ya bi shawarar Maurice Grammont wajen renon ɗansa, shi yana yi masa Faransanci, matarsa tana yi masa Jamusanci. Sai dai tsarin yana da wani rauni da wannan iyali suka gani da idonsu: harshen da ake yi a waje yana da mataimaka da yawa, harshen da mutum ɗaya kawai yake yi a gida ba shi da kowa sai shi. Littattafan yarinyar duka na Faransanci ne, uban kuwa idan ya ɗauki ɗaya yakan yi ƙoƙarin juya shi zuwa Hausa nan take, yau ya faɗa haka, gobe ya faɗa daban, har yarinyar ta fara karɓe littafin daga hannunsa tana kai wa uwarta. Yaro mai shekara huɗu yana son labari ya zo masa da kalmomin da ya zo da su jiya, kuma wannan ne ya sa ake bukatar rubutaccen matani na Hausa mai tsayawa a wuri ɗaya.

Da aka kawo mini aikin, shawarar farko da na yanke ita ce ba za a rubuta labarin da harshe ɗaya a fassara zuwa ɗayan ba. Duk matanin da aka fassara yana ɗauke da ƙirar jimlolin wanda aka fassaro daga gare shi, kuma mai karantawa da baki yana jin haka tun kafin ya iya faɗin abin da ke damunsa. A gidan da harshe ɗaya ya riga ya fi ƙarfi, idan Hausar ta zama fassarar Faransanci, uban zai riƙa tuntuɓe, yarinyar kuma ta ɗauka cewa labarin uwarta shi ne na gaskiya. Saboda haka aka fara da ƙashin labarin, wato jerin abin da ke faruwa a kowane shafi, a rubuce a taƙaice ba tare da ado ba, sannan aka rubuta kowane matani daga wannan jeri kai tsaye.

Ƙashin labarin shi ne wannan. Gizo ya ga farin wata a cikin tafki, ya yi sha'awar kai shi gida. Ya ɗebo shi da ƙwarya, ya rufe da faifai, ya shiga ɗaki ya buɗe, sai ya tarar da ruwa kawai. Ya koma ya ɗebo daga rijiya, haka ta sake faruwa. Ya ɗebo daga randa, haka dai. A ƙarshe matarsa Ƙoƙi ta fitar da ƙwaryar tsakar gida ta ajiye, ruwan ya kwanta, wata ya dawo ciki, Gizo ya zauna yana kallo har barci ya ɗauke shi. Shafi 12 ne, kowanne da hoto ɗaya da jimla biyu zuwa huɗu, kowane matani kusan kalmomi 350. Ba a auna tsawon da yawan kalmomi ba, da agogo aka auna shi, domin abin da ya dami iyayen shi ne karatun ya ƙare cikin minti biyar zuwa shida tare da juya shafi da tsayawa kallon hoto, kuma kada daren uba ya fi na uwa tsawo ko gajarta yadda yarinyar za ta lura.

An ɗauko Gizo da Ƙoƙi daga tatsuniyar gargajiya, amma ba a ɗauko yanayinta gaba ɗaya ba. Tatsuniya da dare ake yin ta, gaskiya ne, sai dai ana yin ta ne ga taron yara da ke farke suna dariya suna amsawa, kuma sau da yawa takan ƙare da duka ko gudu ko wani ya faɗa rami. Labarin da ake karanta wa yaro ɗaya a kan gado yana bukatar ya tashi a farko ya riƙa sauka, ta yadda shafuka uku na ƙarshe ba su da gudu, ba su da mamaki, jimlolinsu kuma gajeru ne. Don haka a nan ba a hukunta Gizo ba, kwaɗayinsa ma ba na abinci ba ne, na kyau ne. Ko tsamin bakin da aka san Gizo da shi ba a rubuta shi a cikin matanin ba. An bar wa uban ya yi shi da bakinsa a shafukan farko idan ya ga dama, ya daina daga shafi na tara, domin dariya a daidai lokacin da ido ya fara nauyi tana mayar da aiki baya.

Abin da dole ya zama ɗaya, da abin da aka bari ya bambanta

Mafi yawan aikin ya ƙare ne a kan tambaya guda: me yarinyar za ta ɗauka a matsayin kuskure idan ya bambanta tsakanin daren uba da daren uwa? Amsar da gwaji ya nuna ita ce, tana kula da abin da ya faru, da jerinsa, da wanda ya yi shi, da abin da ke cikin hoto. Ba ta kula da tsawon jimla ko salon faɗa. A daftarin da aka fara gwadawa, Ƙoƙi ta yi dariya a shafi na takwas na Hausa, a na Faransanci kuwa murmushi ta yi. Uwar tana kaiwa wurin yarinyar ta tsayar da ita ta ce ba haka ba ne, dariya ta yi, Baba ya faɗa. Wannan gyara da yaro ke yi shi ne ma'auni mafi inganci, kuma yana nuna abin farin ciki guda, wato ta fahimci Hausar har ta iya kwatanta ta da Faransancin. An mayar da su duka dariya.

Ga shafi na huɗu kamar yadda ya tsaya a ƙarshe. Da Hausa: "Gizo ya tsoma ƙwarya tsundum, ya ɗebo ruwa fal. Ya leƙa, sai ga wata a ciki, fari fat. Wuf ya rufe da faifai, ya ɗora a ka, ya kama hanyar gida." Da Faransanci kuma: « Plouf ! Guizo plonge sa calebasse dans la mare. Il regarde : la lune est là, toute blanche. Vite, il pose le couvercle et rentre chez lui, la calebasse sur la tête. » Ayyukan iri ɗaya ne kuma a jere ɗaya: tsomawa, leƙawa, rufewa, ɗorawa a ka, tafiya gida. Amma Hausar tana da kalmomin amsa-kama huɗu, tsundum da fal da fat da wuf, Faransancin kuwa ɗaya kawai yake da ita, sauran ya biya su da sifa da bayanau. Da an matsa wa Faransancin ya ɗauki huɗu, da ya koma surutun jarirai. Da kuma an rage na Hausar su zama ɗaya domin a daidaita, da an cire mata abin da ke sa yaro ya saurara, domin irin waɗannan kalmomi su ne yaro ke fara kwaikwayo. A wannan gida ma "wuf" ce kalmar labarin ta farko da yarinyar ta ɗauka ta kai wasa.

Lokacin aikatau ma an bar shi ya bambanta. Hausa tana ba da labari da jerin ya yi, ya yi, sai ya yi, kuma idan masu aikin suna da yawa tana cewa "suka zauna", ba "sun zauna" ba. Wanda ya saka "sun" a tsakiyar jerin labari ya karya tafiyarsa, kuma wannan yana daga cikin alamomin da ake gane matanin da aka fassaro. Faransanci yana da zaɓi uku. Akwai shuɗaɗɗen lokaci na rubutu wanda tatsuniyoyinsu na littafi suka saba da shi, akwai shuɗaɗɗen lokaci na maganar yau da kullum wanda yake tsawaita jimla da mataimakin aikatau, akwai kuma lokaci mai ci. Uwar ta karanta shafi biyu da kowanne, ta zaɓi lokaci mai ci, domin ya fi sauƙi a bakinta kuma ya dace da nuna hoto da yatsa. Saboda haka Gizon uba ya riga ya tsoma ƙwaryarsa, na uwa kuwa yanzu yake tsomawa, kuma yarinyar ba ta taɓa ɗaga gira a kan wannan ba.

Haka nan yadda Ƙoƙi take kiran mijinta. Da Hausa "Maigida" take cewa, domin hakan ne ya dace da bakin matar aure a tatsuniya, kuma kakar yarinyar da za ta ji labarin wata rana ba za ta so jin mace tana kiran sunan miji gatsau ba. Da Faransanci kiran miji da sunansa shi ne abin da kunne ya saba, duk wani lafazi da aka ƙirƙiro don ya yi daidai da "Maigida" zai fito baƙo. Kowane matani ya bi ladabin harshensa. Mabuɗin labarin shi ma haka: uban yana cewa "Ga ta nan, ga ta nanku", yarinyar ta amsa "Ta zo mu ji ta", uwar kuma tana farawa da « Il était une fois », wanda ba shi da amsa. Wannan bambanci riba ne ga Hausar, domin ya ba yarinyar jimla cikakkiya da za ta faɗa tun kafin a buɗe shafin farko, kuma ba ta ɗauke ta a matsayin darasi ba, ta ɗauke ta a matsayin makullin da ke buɗe labari.

Inda jinsi ya yi karo

Wurin da ya fi ɗaukar tunani shi ne jinsin manyan 'yan wasan biyu, domin harsunan nan duka suna raba sunaye zuwa namiji da mace, amma ba su raba su iri ɗaya ba. Wata namiji ne a Hausa, a Faransanci kuwa mace ce. Rana ma akasin haka take, mace a Hausa, namiji a Faransanci, abin da ya sa aka bar ta daga labarin gaba ɗaya domin kada rikicin ya zama biyu. Gizo namiji ne mai mata, amma kalmar Faransanci ta wannan ƙwaro mace ce, kuma idan aka bi nahawu sai a wayi gari mijin Ƙoƙi ya zama "ita" a kowace jimla.

Matsalar Gizo ta fi sauƙin warwarewa. An ambaci irin halittarsa sau ɗaya a shafin farko na Faransanci, a jingine da sunansa, daga nan sunan ne yake jan wakilin suna, kuma namiji ne har ƙarshe. Hoton ya ƙarasa sauran, domin an zana shi da hula. Ta wata kuwa ba ta da irin wannan mafita, domin ba za a ce wa Bafaranshiya ta kira wata "shi" ba, ba kuma za a ce wa Bahaushe ya kira shi "ita" ba. Abin da aka yi shi ne hana bambancin fita daga nahawu ya shiga labari. An gaya wa mai zane kada ya yi wa wata fuska mai gashin ido ko gemu, a bar shi fari, da'ira kawai. A matanin Faransanci ba a kira shi uwargida ko sarauniya ba, duk da cewa hakan ya zama ruwan dare a labaran yaransu, a na Hausa kuma ba a kira shi ango ko sarki ba. Da an yi ɗaya daga cikin waɗannan, da hoton ya goyi bayan harshe ɗaya ya ƙaryata ɗayan, kuma a wannan gida an san wanda zai sha kaye.

Duk da haka tambayar ta zo. Yarinyar ta tambayi ubanta, da Faransanci, ko wata mace ce. Ya amsa mata da Hausa cewa a wurin Mama mace ce, a wurin Baba namiji ne, kuma ta karɓi wannan amsa ba gardama, kamar yadda ta riga ta karɓi cewa abu ɗaya yana da suna biyu. Daga baya an ji ta tana cewa "wata ta tafi". Wannan ba alamar ruɗewa ba ce, ɗaukar jinsi ne daga harshen da ya fi ƙarfi zuwa wanda ya fi rauni, kuma abin lura a nan shi ne ta haɗa jimlar Hausa da kanta. An ba uban shawara kada ya tsayar da ita ya gyara, ya dai maimaita yadda yake daidai, "I, wata ya tafi", ya ci gaba da karatu.

Akwai wata ƙaramar matsala a kalmar kanta wadda ta shafi uban kai tsaye. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, don haka "wata" na sama da "wata" ta "wata rana" iri ɗaya suke a takarda ko da yake baki yana bambanta su. Mutumin da ya yi karatu da Faransanci, wanda Hausa harshen bakinsa ce amma bai saba ganin ta a rubuce ba, yana karanta kalma ɗaya bayan ɗaya, kuma idan jimla ta fara da "wata" zai iya ɗaukar wadda ba ita ba ya koma baya. Saboda haka labarin ya fara da "Wani dare", an kuma ce "farin wata" a karo na farko da ya fito, sannan ba a yi amfani da ɗaya "watan" ko sau ɗaya a cikin matanin ba.

Amshin da bai canza harshe ba

Abu ɗaya aka bari da Hausa a cikin matanin biyu, kuma shi ne zuciyar tsarin. Duk lokacin da Gizo ya buɗe faifai ya ga wayam, yakan ce: "Wata, wata, ina ka shiga?" Wata kuma ya amsa daga waje: "Ga ni a sama." Wannan amshi yana zuwa sau uku, kuma uwar ma da Hausa take faɗarsa a tsakiyar Faransancinta. Dalilin shi ne yarinyar ta riga ta ware Hausa a matsayin abin Baba shi kaɗai, abin da ake ji ba a faɗa. Idan ta ji uwarta, wadda ita ce bakin harshen da ya fi ƙarfi, tana furta Hausa kowane dare ba tare da kunya ba, wannan warewa takan fara sassautawa. Wannan ya ɗan keta tsarin kowa da harshensa, kuma iyayen sun yi shawara kafin su amince. A ganina kalmomi tara da suke zuwa a wuri sananne, a bakin ɗan wasa, ba su rushe tsarin ba, domin yarinyar ta san cewa Gizo ne yake magana.

An zaɓi kalmomin amshin da bakin uwar a zuciya. Mai karatu da Faransanci yana furta harafin u da wani sauti daban da na Hausa, yana hadiye h, yana mayar da "an" da "in" na ƙarshen gaɓa sautin hanci, c kuma yana karanta shi k ko s, ba kamar a "ci" ba. Haruffa masu lanƙwasa kuwa, ɓ da ɗ da ƙ, sai an koya. Shi ya sa "ina ka ɓuya", wanda shi ne ya fi zuwa baki, bai shiga ba, aka ɗauki "ina ka shiga". Shi ya sa kuma amsar ta zama "Ga ni a sama" maimakon "Ga ni nan sama". Babu harafi ɗaya a cikin jimlolin biyu da zai ɓatar da ita. Karin sautin ne ya rage, kuma shi ba a koyon sa daga takarda, don haka uban ya naɗi amshin a waya, ta saurara har ya zauna mata. Amshin yana da wata fa'ida da ba a nema ba, domin "ka" da ke cikinsa yana tuna wa yarinyar kowane dare cewa wata namiji ne a Hausa.

Wannan dalili ne kuma ya sa sunan Gizo ya sami rubutu biyu. A Faransanci g da ke gaban i sautinsa ya koma kusa da j, don haka duk wanda ya ɗauki littafin daga dangin uwar zai canza sunan. An rubuta shi Guizo a shafin Faransanci, Ƙoƙi kuma Koki. Wani zai iya cewa a bar suna da rubutunsa na asali a ko'ina, kuma ga littafin makaranta na yarda da shi. Amma wannan littafin na kunne ne, mai sauraronsa ba ta iya karatu ba tukuna, abin da take bukata shi ne sunan ya fito iri ɗaya daga kowane baki.

Game da irin Hausar da aka rubuta, an bi bakin uban inda ya saba da daidaitacciyar Hausa a kalmomin da suke maimaituwa. Shi "mishi" yake cewa a inda littafi zai ce "masa", kuma yarinyar haka ta saba ji daga gare shi da kakarta. Da aka ba shi daftari ya karanta da ƙarfi, duk wurin da bakinsa ya faɗi abin da ba shi ne a takarda ba an sa alama, aka mayar da takardar ta bi bakin. A rubutu kuma an bi ƙa'idar Nijar, wadda take amfani da ƴ a inda Nijeriya take rubuta 'y.

Shimfiɗar shafi ba ta ɗauki dogon lokaci ba. Hoto yana dama, rubutu yana hagu, Hausa a sama, Faransanci a ƙasa, da girman harafi ɗaya da launi ɗaya, domin ƙaramin rubutu ko karkatacce yana nuna cewa wannan harshen rakiya ya yi. An yi amfani da zubin haruffa na Andika, wanda aka tsara domin masu koyon karatu kuma yake da haruffa masu lanƙwasa duka. Idan zubin ba shi da su, kwamfuta takan aro su daga wani zubi, sai a ga ƙ ta fi maƙwabtanta kauri ko tsayi, wani lokaci ma akwati ne kawai yake fitowa a wurinta. Sai kuma alamomin rubutu: Faransanci yana barin fili kafin alamar tambaya da ta motsin rai da ruwa biyu, Hausa ba ta bari, kuma manhajar rubutu da aka saita a Faransanci za ta cusa wannan fili a cikin Hausar da kanta, ta kuma sauya alamun zance. Maganin shi ne a zaɓi sakin layin Hausa a canza masa saitin harshe, sannan a duba bugun gwaji a takarda kafin a ɗinke.

Abin da ya biyo baya yana da iyaka, kuma ya kamata a faɗe shi yadda yake. Bayan makonni na karatu, yarinyar tana amsa mabuɗin, tana faɗin amshin kafin a kai gare shi, idan uban ya tsaya kafin "fal" ko "tsit" tana cike masa. Ta kuma faɗa wa kakarta amshin ta waya, kakar ta amsa mata da "Ga ni a sama". Amma da rana, idan tana son ruwa, har yanzu da Faransanci take nema. Jimlar da aka haddace a cikin labari ba ta zama magana ta kai ba tukuna. Binciken da Annick De Houwer ta wallafa a 2007 a kan iyalai kusan 1,900 a yankin Flanders na Beljiyam ya nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na yaran da suke jin wani harshe a gida ba sa magana da shi, kuma abin da ya fi tasiri shi ne yadda iyaye suke amfani da harsunan a gida. Minti biyar kowane dare biyu ba za su cike wannan giɓi ba.

Saboda haka labari na biyu, wanda ake kan rubutawa, an sauya masa tsari a wuri ɗaya. Amshinsa tambaya ce wadda amsarta take canzawa daga shafi zuwa shafi bisa abin da ke cikin hoto, ta yadda haddacewa ba za ta isa ba, sai yarinyar ta duba ta zaɓi kalmar da kanta. Kalmomin da za ta zaɓa daga cikinsu, ruwa da ƙwarya da faifai da gida, duk daga labarin farko aka ɗauko su, uban kuma ya ɗauki nauyin amfani da su da rana a wajen littafi, lokacin wanka da lokacin cin abinci.